Bayan An Tashi Daga Taro: Wa Zai Sa Hannu, Kuma Ina Takardar Za Ta Kwana?

Kusan kowace ƙungiya a ƙasar nan tana da sakatare da ke zaune kusa da shugaba yana rubutu yayin da ake taro. Ƙungiyar 'yan kasuwa ce, ko ta iyaye da malamai, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar taimakon kai da kai ta manoma, ko kamfani mai rajista, duk za ka ga mai biro da littafi. Abin da yake rubutawa shi ne bayanin taro, wanda 'yan ofis ke kira minit. Sai dai da yawa suna ɗauka da zarar an yi addu'ar rufewa aikin ya ƙare. A gaskiya rubutun da sakatare ya tashi da shi a ranar labarin mutum ɗaya ne kawai, abin da kunnensa ya ji kuma hannunsa ya iya kamawa. Ba ya zama maganar ƙungiya sai an karanta wa waɗanda suka halarta, sun amince, wanda ya dace ya sa hannu, an kuma rubuta ranar da ya sa hannun. A wannan ɗan tsakanin ne yawancin rigingimun ƙungiyoyinmu suke samun ƙofar shigowa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ƙungiyar masu sayar da hatsi a wata kasuwa ta yi taronta na wata-wata ranar Asabar, 1 ga Fabrairu 2025. Shugaba ya yi tafiya Umara, mataimakinsa ne ya jagoranci zaman. An yanke abubuwa uku: a sauya ma'aji, a cire sunan tsohon daga masu sa hannu a asusun banki a sa na sabon, sannan a ware naira miliyan 2 don kafin alƙalamin wani fili da ake so a gina rumbun ajiya a kai. Taro na gaba zai kama ranar Asabar, 1 ga Maris.

Wa ke sa hannu

Abin da aka saba gani shi ne a jira shugaba ya dawo, a kai masa littafin gida ya rattaba hannu, don ana ganin girmamawa ce. Amma me sa hannun yake nufi? Mai sa hannu yana shaida cewa abin da ke rubuce shi ne abin da ya gudana. To ta yaya mutumin da yake Makka a ranar zai shaidi abin da aka faɗa a ɗakin taro a kasuwa? Darajar sa hannun tana fitowa ne daga kujerar da mutum ya zauna a kai a lokacin zaman, ba daga muƙaminsa a ƙungiya ba.

Dokar kamfanoni ta Najeriya, wato CAMA ta shekarar 2020, ta fayyace wannan a sashe na 266. Ta wajabta wa kowane kamfani ya shigar da bayanan babban taronsa da na zaman daraktocinsa a littattafan da aka tanada don haka. Sannan ta ce bayanin da ke ɗauke da sa hannun wanda ya shugabanci wannan taron, ko wanda ya shugabanci taron da ya biyo baya, hujja ce ta abin da ya gudana, har sai wani ya kawo abin da zai rushe ta. Wato mutum biyu ne kaɗai dokar ta ambata. A misalinmu, mataimaki yana iya sa hannu domin shi ya ja zaman Fabrairu. Shugaba ma yana iya sa hannu, amma ta wata ƙofa daban: idan shi ya jagoranci zaman Maris, aka karanta bayanin a gabansa, waɗanda suka halarci na Fabrairu suka tabbatar, to sa hannunsa shaida ce cewa taro ya amince da rubutun. Abin da bai dace ba shi ne a bi shi da littafin har zaurensa tsakanin tarukan biyu.

Wannan sashen kamfanoni yake magana a kai. Ƙungiyar da ba kamfani ba tana bin kundin tsarin mulkinta ne, ƙungiyar taimakon kai da kai kuma tana da dokokin cikin gidanta da dokar da aka yi mata rajista a ƙarƙashinta. Saboda haka abu na farko da sabon sakatare zai yi shi ne ya buɗe kundin ƙungiyarsa ya ga abin da ya ce. Inda kundin ya yi shiru, ni dai ban ga tsarin da ya fi na kamfanonin hankali ba, kuma shi ya kamata a ara.

Sakatare fa? Al'ada ta gudana a kan ya sa hannu a gefen shugaban zama, kuma al'ada ce mai kyau, domin shi ya rubuta, shi kuma ke riƙe da littafin. Kundin ƙungiyoyi da yawa ma ya wajabta hannu biyun. Amma hannun sakatare shi kaɗai ba ya wadatarwa, don ba a barin mutum ya zama mai rubutu kuma mai tabbatar da rubutun kansa. Idan sakataren bai halarta ba, wani ya riƙe masa biro, to sunan wanda ya riƙe ɗin ne zai fito, a kuma rubuta a farkon bayanin cewa taro ya naɗa wane ya ɗauki bayani a wannan zama. Sauran mahalarta ba sa sa hannu a jikin bayanin. Wurinsu takardar halarta ce, inda kowa zai rubuta sunansa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a liƙa ta a bayan bayanin. Kada a raina wannan takarda. Ita ce ke nuna cewa adadin mutanen da kundi ya ce sai sun cika kafin zama ya halatta sun cika. Ranar da tsohon ma'aji zai ce mutum bakwai ne suka taru a bayan idonsa suka tsige shi, ita za a fara nema.

Ga yadda abin yake tafiya a zaman Maris idan ana bin tsari. Bayan addu'ar buɗewa, sakatare ya miƙe ya karanta bayanin Fabrairu daga farko zuwa ƙarshe. Shugaba ya tambaya ko akwai gyara. Wani dattijo ya ɗaga hannu: “Ranka ya daɗe, ina da gyara. Malam Sakatare ya karanta cewa an ware miliyan 2 don sayen fili. Ba haka muka ce ba. Kafin alƙalami muka ce, kuma muka ce ba za a biya ba sai kwamiti ya ga takardun filin.” Waɗanda suka halarta suka gyaɗa kai. Nan take sakatare zai ja layi ɗaya a kan kalmomin da aka yi kuskure, siririn layi da za a iya karanta abin da ke ƙarƙashinsa, ya rubuta daidai a samansa, shugaban zama ya sa gajeren hannunsa a gefen shafi daidai wurin gyaran. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan nan na ɓoye rubutu, ba a yage shafi. Duk wanda ya ga shafe a littafin ƙungiya yana da haƙƙin ya yi zargi, ko da an yi shi da zuciya ɗaya. Daga nan mutum ɗaya ya kawo ƙudurin a amince da bayanin tare da gyaran, wani ya mara masa baya, kuma ya kamata dukansu su kasance cikin waɗanda suka halarci zaman Fabrairu. Sai a sa hannu a gaban jama'a.

A kula da iyakar gyara. Ana gyara abin da aka rubuta ba daidai ba ne, ba a gyara abin da aka yanke. Idan wani ya kwana ya ga miliyan 2 ta yi yawa, wannan sabuwar magana ce da za a kawo a zaman Maris, ta shiga bayanin Maris. Haka nan bayan an sa hannu littafi ya rufu a kan wannan shafi. Ko daga baya aka gano kuskure, ba a komawa a taɓa shi; sai taro ya yanke gyaran a sabon zama, a rubuta a can, a sa 'yar alama a gefen tsohon shafin da ke nuna a duba bayanin rana kaza.

Akwai wata matsala da ta zama tamu ta musamman. Sau da yawa da Hausa ake taron, a rubuta da Turanci saboda banki da hukuma, sannan sakatare ya fassara da baki ranar karantawa. Mutane suna amincewa da abin da suka ji, shugaba kuma yana sa hannu a kan abin da ke rubuce, alhali biyun na iya bambanta. Inda yawancin 'yan ƙungiya Hausa suke karantawa, a rubuta da Hausa a sa hannu a kansa, a fassara wa banki sashen da yake buƙata. Idan dole sai Turanci, to aƙalla ƙudurorin da suka shafi kuɗi da muƙamai a rubuta su da harsuna biyun a shafi ɗaya.

Ranaku biyu, kowace da gaskiyarta

Kowane bayanin taro yana ɗauke da kwanan wata biyu, kuma haɗa su wuri guda kuskure ne da ya yawaita. Na farko yana sama: ranar da aka yi taron, da wurin, da lokacin buɗewa da na tashi. Na biyu yana ƙasa kusa da sa hannu: ranar da aka sa hannun. A misalinmu sama za ta ce 1 ga Fabrairu 2025, ƙasa ta ce 1 ga Maris 2025, kuma mai sa hannun ne zai rubuta ta biyun da hannunsa. Wasu sakatarori suna buga ranar taron a ƙasa ma don takarda ta yi kyan gani. To ka ga idan shugaba ya sa hannu a kan 1 ga Fabrairu, fasfonsa kuwa yana nuna ba ya ƙasar a ranar, lauyan da ke neman rushe takardar ya sami abin da yake so ba tare da ya sha wahala ba. Tazarar wata guda tsakanin ranakun biyu ba aibi ba ce, ita ce ma alamar an bi tsari.

A rubuta sunan wata da haruffa. Wanda ya rubuta 1/2/2025 yana nufin ɗaya ga Fabrairu, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka tana karanta shi biyu ga Janairu. A ƙara sunan ranar mako, domin yana kama kuskure: idan an rubuta Asabar amma kalanda ta ce Lahadi, an san akwai abin dubawa. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya suna son kwanan watan Hijira, kuma babu laifi, sai dai a haɗa shi da na Miladiyya. 1 ga Maris 2025 ta zo daidai da 1 ga Ramadan 1446 a Najeriya bisa sanarwar Sarkin Musulmi, amma ganin wata yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, banki da kotu kuma da Miladiyya suke lissafi.

Yanzu ga tambayar da take sa mutane yin ƙaryar kwanan wata. Sabon ma'aji yana buƙatar fara aiki, banki kuma ba zai sauya masu sa hannu ba sai ya ga ƙudurin ƙungiya a rubuce. Za a jira har Maris? Ba dole ba ne. Ana ciro ƙudurin shi kaɗai a takarda mai ɗauke da sunan ƙungiya, a rubuta cewa a taron ranar 1 ga Fabrairu an yanke kaza da kaza, kalma da kalma kamar yadda aka yanke, mataimakin da ya ja zaman da sakatare su sa hannu, su rubuta ainihin ranar da suka sa, ko da 4 ga Fabrairu ce. Wannan ya ishi bukata, kuma yana da wani amfani: banki ba ya ganin muhawarar da aka yi a kan tsohon ma'aji, wadda ba ruwansa da ita. Don irin wannan ne yake da kyau duk ƙudurin da za a aiwatar da gaggawa a rubuta shi tun ana zaune, a karanta shi da ƙarfi kafin a tashi. Kamfanoni ma suna da nasu dalilin gaggawa, domin ƙuduri na musamman, irin na sauya sunan kamfani, dole a kai kwafinsa Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, cikin kwana 15.

Idan bayanin bugawa ake yi a takardu warwatse, ba a littafi mai ɗinki ba, a sa wa kowane shafi lamba, kamar shafi na 2 cikin 4, shugaban zama ya sa gajeren hannu a ƙasan kowanne, cikakken hannu a na ƙarshe. In ba haka ba, zare shafi na biyu a musanya shi da wani aikin minti biyar ne.

Wa za a ba, kuma yaushe

Rabawa sau biyu ake yi. Na farko daftari ne, kuma gara ya fita cikin mako guda, tun mutane ba su manta abin da suka faɗa ba, kuma tun waɗanda aka ɗora wa aiki suna da lokacin yinsa. Kwamitin da aka ce ya je ya ga takardun fili bai kamata ya fara tuna aikinsa ranar da ake karanta bayani a Maris ba. Sakatare ya fara nuna wa wanda ya ja zaman, sannan ya aika, da kalmar “daftari” a rubuce ɓaro-ɓaro a kowane shafi. Na biyu shi ne wanda aka amince da shi aka sa hannu, kuma shi kwafinsa ake rabawa. Asalin ba ya barin hannun ƙungiya ko don wa.

Duk wanda yake da haƙƙin halartar zaman yana da haƙƙin samun bayaninsa, har da wanda bai zo ba, shi ma ya fi kowa bukata. Baƙon da aka gayyata don magana ɗaya, kamar dillalin filin, abin da ya shafe shi kaɗai za a ciro a ba shi. Kuma bayanin zaman shugabanni daban yake da na babban taro. A kamfani, sashe na 267 ya ba kowane mai hannun jari damar duba littafin bayanan babban taro kyauta a ofishin kamfanin mai rajista, a lokutan aiki da ba su gaza awa shida a rana ba, kuma idan ya nemi kwafi a ba shi cikin kwana bakwai bayan ya biya kuɗin kwafin. Wannan dama ba ta haɗa da bayanan zaman daraktoci ba. Ƙungiya ma tana iya bin wannan rabon: abin da aka yanke a gaban kowa na kowa ne, shugaban da ke ɓoye shi kuma yana jawo wa kansa zargi ne a banza.

Yau yawancin rabawa a WhatsApp ake yi. Hanya ce mai sauri, amma abin da ya shiga zauren mutum ɗari biyu ya fita daga hannunka. Idan bayanin yana ɗauke da sunayen masu bashin ƙungiya, ko zargin da aka yi wa tsohon ma'aji wanda ba a tabbatar ba, to tura shi zaure cin mutunci ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Irin wannan sashe a raba shi ga waɗanda ya shafa kaɗai, ko a karanta shi a ɗakin taro. Sannan a tura a matsayin PDF, kada a tura fayil ɗin da kowa zai iya buɗewa ya sauya lamba. Sakatare ya riƙe 'yar rajista ta wanda aka ba da ranar da aka ba shi, don “ni ban gani ba” tsohuwar mafaka ce.

Har yaushe za a ajiye

Shekara shida ita ce amsar da aka fi ji, kuma tana da tushe: CAMA ta ce kamfani ya adana takardun lissafin kuɗinsa na shekara shida. A Birtaniya dokar kamfanoni ta 2006 ta sa aƙalla shekara goma ga bayanan taro. Amma waɗannan mafi ƙarancin wa'adi ne, kuma ni ban yarda a auna littafin bayanin taro da ma'aunin rasiti ba. Rasitin shayin da aka sha a taro yana tsufa. Ƙudurin sayen fili ba ya tsufa. Shekara ashirin nan gaba, lokacin da mataimaki da sakatare da dattijon da ya kawo gyara duk sun riga mu gidan gaskiya, magadan wani cikinsu za su iya tasowa su ce filin na mahaifinsu ne, don sunansa ne a takardar ciniki. Abin da zai nuna cewa da kuɗin ƙungiya aka saya, kuma a madadinta ya karɓa, shi ne wancan shafin na Fabrairu da hannun da ke ƙasansa. Saboda haka bayanan da aka sa wa hannu, da takardun halarta, da duk rahoton da aka liƙa musu, a ajiye su muddin ƙungiya tana raye. Masu bincike da ke zuwa gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Kaduna har yau suna buɗe takardun zamanin En'e, domin a lokacin akwai magatakardan da ya ɗinke su a fayil ya ajiye.

Abin da ake iya zubarwa shi ne zayyanar farko da sakatare ya yi da hannu, da muryar da ya naɗa a waya, da tsofaffin daftarori, bayan an amince an sa hannu. Barinsu ma yana kawo ruɗani, don sai a wayi gari da rubutu biyu na taro ɗaya. Sharaɗi guda ne: idan akwai rigima a ƙasa, ko ana jin ƙamshin ƙara, kada a taɓa komai har a gama.

Maƙiyan takarda a wurinmu sanannu ne: gara, da yoyon rufi da damina, da ɓera, da wuta. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ya san ofishin da ke cikin kasuwa ba wurin ajiye kwafi ɗaya tilo ba ne. A sa asalin a akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗora shi a kan wani abu sama da ƙasa. Kowane bayani da aka sa wa hannu a ɗauki hotonsa a ranar, shafi-shafi har da takardar halarta, a ajiye a adireshin imel na ƙungiya wanda aƙalla shugabanni biyu suka san mabuɗinsa, ba a wayar sakatare kaɗai ba. Hoton ba ya maye gurbin asalin, domin kotu tana da sharuɗɗan da take bi, a sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, kafin ta karɓi abin da aka ciro daga na'ura.

Amma abin da ya fi gara cin littattafan ƙungiyoyi shi ne canjin shugabanci. Sakataren da ya faɗi zaɓe yakan tafi gida da littafi, wani da fushi, wani don ba wanda ya tambaye shi. Maganinsa a yi miƙa aiki a rubuce a gaban taro: littattafai nawa, kowanne daga wace rana zuwa wace rana, shafi nawa ne a cikinsa, mai miƙawa da mai karɓa su sa hannu da kwanan wata, a kuma shigar da jerin a bayanin wannan zaman.